Yadda ake yanka kuɗin haya: farashin maƙwabta, watannin da wuri ke kwana a kulle, da biyan shekara a dunƙule

Shaguna biyu a jere, bango ɗaya ya raba su, ƙofa iri ɗaya, amma ɗaya ana biyansa dubu 80 a wata, ɗayan kuma mai shi ya kafe a kan dubu 130. Wanda ya zo neman haya zai ga kamar ana so a cuce shi. Wanda ke da shago na uku a layin, da yake son sa wa nasa farashi, shi ma ya rasa wanne zai bi. Idan aka ƙara da cewa wani mai gida yana karɓar wata-wata, wani kuma ba ya sauraron kowa sai da kuɗin shekara a hannu, ruɗanin ya ninka. Tushen ruɗanin ɗaya ne: adadin da ake faɗa da baki ba shi ne abin da ke shiga aljihun mai wuri ba, ba kuma shi ne abin da ke fita daga aljihun ɗan haya ba. Tsakanin su akwai watannin da wurin ya zauna babu kowa, akwai kuma lokacin da kuɗin ke shigowa.

Alƙaluman da za su biyo baya misali ne na lissafi kawai, ana iya ɗora su a kan kowane irin kuɗi.

## Farashi uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce "kuɗin haya" ana iya nufin abu uku. Akwai farashin nema, wato abin da mai wuri ya sa ko dillali ke faɗa kafin a yi ciniki. Akwai farashin yarjejeniya, wanda aka daidaita a kai har aka miƙa makulli. Sai kuma ainihin abin da ya shigo, wato jimillar kuɗin da mai wuri ya karɓa cikin wani lokaci, bayan an cire watannin da wurin ya yi a kulle da abin da aka kashe wajen gyara da neman sabon ɗan haya, sannan a raba da adadin watannin.

Yawancin kuskure yana faruwa ne idan aka ɗauki na farko aka yi masa kallon na uku. Mai wuri ya ji ana neman dubu 130 a maƙwabta, sai ya lissafa cewa shagonsa zai kawo masa dubu 130 sau goma sha biyu. Bai tambaya ba ko wani ya taɓa biyan wannan kuɗin.

## Wane maƙwabci za a kwatanta da shi?

A ɗauki shago mai faɗin mita 4 da zurfin mita 5, wato murabba'in mita 20, a bakin hanya. Ɗan hayan da ke ciki ya ba da sanarwar zai tashi. Mai shagon ya bincika ya samu farashi huɗu a layinsu. Na farko ana neman dubu 130, yau wata biyar ke nan a kulle. Na biyu ana biyan dubu 80, mutumin da ke ciki ya shekara shida ba a yi masa ƙari ba. Na uku an ba da shi wata biyu da suka wuce a kan dubu 140, amma ya fi girma, faɗin mita 4 zurfin mita 8. Na huɗu girmansu ɗaya da nasa, an ba da shi kwanan nan a kan miliyan 1.2 na shekara, an biya gaba ɗaya.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su tara farashin su raba huɗu. Wannan ba zai ba da amsa ba, domin biyu daga cikinsu ba su cancanci shiga lissafin ba. Dubu 130 ba farashin kasuwa ba ne. Abin da yake nunawa kawai shi ne cewa a wannan layin, a wata biyar, ba a samu wanda ya yarda ya biya haka ba. Amfaninsa ɗaya: ya nuna rufin da bai kamata a kai ba. Akwai wata matsala a nan da ke yaudarar masu bincike. Wuraren da ake gani an manna musu takardar haya, yawancinsu waɗanda suka daɗe ba a kama ba ne, saboda wanda farashinsa ya yi daidai nan da nan yake fita. Don haka wanda ya dogara da abin da idonsa ya gani a tallace-tallace, kusan kullum zai sa farashi sama da kasuwa.

Dubu 80 kuma farashin shekarun baya ne. Yana iya zama ladan amana tsakanin mutum biyu da suka daɗe tare, ko dai mai shagon ba ya son rigima. Ko ma mene ne dalili, sabon ɗan haya ba zai samu wannan farashin ba.

Saura na uku da na huɗu, su ne cinikin da aka ƙulla kwanan nan. Na ukun sai an daidaita girmansa. Idan aka raba dubu 140 da murabba'in mita 32, kowace mita ta kama 4,375, shagon mita 20 ke nan zai tashi dubu 87 da ɗari biyar. Sai dai mitocin shago ba darajarsu ɗaya ba. Gaban shago, inda mai wucewa ke ganin kaya, shi ne ke jawo ciniki, can ciki kuwa ajiya ce kawai. Masu ƙiyasta darajar shaguna a Birtaniya sun daɗe suna yanka shago gida-gida daga ƙofa zuwa ciki: ƙafa 20 na farko, kimanin mita 6, su ne masu cikakkiyar daraja, ƙafa 20 na biye rabin haka, na bayansu kuma rabin rabi. Idan aka bi wannan hanya, shago na uku yana da mita 24 a gaba da mita 8 a baya waɗanda za a lissafa a matsayin 4, jimilla 28. Dubu 140 a raba 28 ya ba da dubu 5. Shagon da ake magana a kai duka a sashen gaba yake, saboda haka 20 sau dubu 5, dubu 100 ke nan. Na huɗu ma, miliyan 1.2 a raba goma sha biyu, dubu 100 ne, ko da yake biyan dunƙule yana da nasa lissafi da za a zo kansa.

Bayan girma, sai a duba abin da ke cikin farashin da abin da ba ya ciki: wa ke biyan wuta da ruwa da gadi da kwasar shara, wa ke gyaran rufi idan ya yoyo, akwai wurin sauke kaya ko babu. A ɗakin kwana kuma tambayoyin su ne ko banɗaki na mutum ɗaya ne ko na haɗaka, ko mitar wuta daban take, hawa na nawa ne, da nisa zuwa inda ake samun abin hawa. Ɗaki biyu masu farashi ɗaya, idan ɗaya ya haɗa da wuta da ruwa ɗayan bai haɗa ba, to farashinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan kwatanci aikin hukuma. A Jamus, birane da yawa suna fitar da jadawalin matsakaicin kuɗin hayar gidajen kwana bisa unguwa da girma da shekarun gini, kuma doka ba ta barin mai gida ya yi wa wanda ke ciki ƙarin da zai sa hayar ta wuce wannan matsakaici, ko ƙarin da zai wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara uku, a wuraren da gidaje suka yi ƙaranci ma kashi 15. A Dubai, wata doka ta 2013 ta ɗaure ƙari da tazarar da ke tsakanin abin da ɗan haya ke biya da matsakaicin yankin: idan tazarar ba ta wuce kashi 10 ba, babu ƙari, kuma mafi yawan abin da za a iya ƙarawa shi ne kashi 20, ga wanda ke biyan ƙasa da kasuwa da fiye da kashi 40. Inda babu irin wannan jadawali, dole mutum ya yi binciken da ƙafarsa, kuma 'yan hayan da suka shiga kwanan nan sun fi dillali zama madogara, domin la'adar dillali tana ƙaruwa ne idan farashi ya hau.

## Kuɗin da kwaɗo ke ci

An samu dubu 100 a matsayin farashin kasuwa. Mai shagon yana iya cewa zai gwada dubu 120, ai ba a san inda rabo yake ba. Ba laifi ba ne, amma gwajin ba kyauta ba ne. Wata ɗaya a kulle daidai yake da kashi 8.3 cikin ɗari na hayar shekara, kuma wannan kuɗin ba ya dawowa. Ɗan kasuwan da bai sayar da buhunsa yau ba zai sayar gobe, amma watan da ya wuce shago na kulle ba wanda zai biya shi daga baya.

A ce a kan dubu 100 za a samu mai kamawa cikin wata ɗaya, a kan dubu 120 kuma sai an jira wata huɗu. A ƙarshen shekarar farko, mai farashi kaɗan ya karɓi wata 11, wato miliyan 1.1. Mai farashi mai yawa ya karɓi wata 8, dubu 960. Sai a wata na 19 ne jimillarsu za ta zo daidai. Idan kuma a lokacin da shagon ke kulle ana kashe dubu 10 a wata kan gadi da haraji da sauran abin da ba ya tsayawa, sai wajen wata na 21. Daga nan ne mai dubu 120 zai fara cin riba.

Wannan lissafi bai ce farashi mai yawa kuskure ne a kowane hali ba. Idan yarjejeniyar ta shekara biyar ce kuma ɗan hayan zai zauna, jiran wata huɗu ya biya kansa har da ƙari. Shi ya sa masu manyan gine-ginen kasuwanci kan jure barin wuri a kulle na tsawon lokaci, wani lokaci ma su ba sabon ɗan haya watanni kyauta a farko maimakon su sauke adadin da za a rubuta a takarda, domin wannan adadin ne mai sayen ginin ko mai ba da bashi zai duba. Amma ga ƙaramin shago ko ɗaki da ake sabunta yarjejeniyarsa duk shekara, lamarin ya bambanta. Wanda ya shiga a kan dubu 120 zai gane cikin 'yan makonni cewa maƙwabtansa dubu 100 suke biya. Idan wa'adi ya cika, ko dai ya nemi ragi ko ya tashi, tun kafin a kai wata na 19 ɗin.

Akwai kuma tambayar wane irin mutum ne ke yarda ya biya sama da kasuwa. Wani baƙo ne da bai san wurin ba. Wani kuma wanda sauran masu gida suka ƙi ne saboda tarihin rashin biya. Wani sabon ɗan kasuwa ne da bai yi lissafin cinikinsa ba. Duk ukun sun fi kowa saurin tashi ko gazawa. Farashi mai sauƙi kaɗan yana kawo masu nema da yawa, mai wuri ya zaɓa.

Yadda ake gane an yi tsada ba shi da wuya. Idan makonni suka wuce ba mai ko tambaya, farashin ya kori mutane tun daga nesa. Idan ana zuwa ana dubawa amma ba mai dawowa, to wurin bai kai farashin ba, ko akwai wani aibi da ake gani da ido, kamar damshi a bango ko ƙofar da ba ta kallon hanya. Idan kuwa a rana ɗaya mutum biyar suka ce ga kuɗi, alama ce ta cewa an yi araha.

## Ƙari ga wanda ke ciki

Lissafin bai canja ba idan ɗan haya yana ciki ana so a yi masa ƙari. Daga dubu 100 zuwa dubu 110, ribar shekara dubu 120 ce. Idan ƙarin ya sa ya tashi, aka yi wata biyu a kulle, aka kashe dubu 50 a fenti da gyaran ƙofa, an yi asarar dubu 250. Sai sabon ɗan haya ya yi wata 25 yana biyan ƙarin dubu 10 kafin a cike gurbin.

Ɗan haya ma yana da tasa asarar idan ya tashi, musamman mai shago: kantocin da ya kafa, kuɗin ɗaukar kaya, sabuwar la'ada, da masu sayayyar da suka san shi a wurin. Mai wuri ya san haka, shi ya sa ƙari kan fi zafi a kan shagon da ya kafu. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da zai iya cutar da ɗayan, kuma daidaito yakan faɗo ne a tsakanin asarorin biyu.

Rashin ƙari shi ma ba tsayawa wuri ɗaya ba ne. Idan hauhawar farashi ta kai kashi 20 a shekara, dubu 100 na bana zai sayi abin da dubu 83 ya saya bara. Mai wurin da ya yi shekara shida bai taɓa farashi ba, ranar da ya tashi gyarawa sai ya ninka lokaci guda, a nan ne ake samun rigima mafi muni. Ƙari kaɗan-kaɗan da aka rubuta ƙa'idarsa tun ranar shiga ya fi sauƙin haɗiya ga kowa.

## Biyan shekara a dunƙule: nawa ne ainihin darajarsa?

Miliyan 1.2 a hannu yau ba daidai yake da dubu 100 sau goma sha biyu ba. Wanda ya biya shekara a ranar shiga, hayar watan farko kawai ta wajaba a kansa, sauran miliyan 1.1 kuɗi ne da ya ba da kafin lokacinsa. A wata na biyu abin da ya rage a hannun mai wuri kafin lokaci miliyan 1 ne, a na uku dubu 900, haka har ya ƙare. Idan aka tara waɗannan, daidai yake da a ce an riƙe miliyan 6.6 na tsawon wata ɗaya.

Darajar wannan riƙo ta dogara ga abin da kowa zai iya yi da kuɗin. Idan mai wuri zai juya shi ya samu kashi 1 cikin ɗari a wata, ya amfana da dubu 66 a shekara. Idan ɗan hayan ɗan kasuwa ne da jarinsa ke kawo masa kashi 4 a wata, abin da ya rasa dubu 264 ne, domin kuɗin da ya kamata ya zama kaya a kan kanta ya tafi haya. Abin lura shi ne asarar ɗan haya ta ninka ribar mai wuri sau huɗu. Bambancin bai shiga aljihun kowa ba.

To me ya sa masu wuri ke dagewa? Saboda abin da suke saye da biyan dunƙule ba ribar juya kuɗi kaɗai ba ce, kariya ce daga rashin biya. Inda fitar da wanda ya ƙi biya ke ɗaukar watanni a kotu, kuma babu wata hanyar sanin tarihin mutum kafin a ba shi makulli, kuɗin shekara shi ne kaɗai tabbacin da mai wuri ke da shi. Wannan ma ana iya sa masa adadi. A ce cikin 'yan haya goma masu biyan wata-wata, ɗaya zai daina biya, kuma kafin a karɓi wurin an yi asarar wata shida, dubu 600. Idan aka raba wannan asara a kan goman, dubu 60 ke nan a kan kowane. A haɗa da dubu 66 na farko, biyan dunƙule ya kai darajar dubu 126 a wurin mai shago, kusan kashi 10 na hayar shekara.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, shago na huɗu da aka biya miliyan 1.2 a dunƙule, da wata-wata ne zai kama wajen dubu 110, don haka idan ana kwatanta farashi dole a tambayi yadda ake biya. Na biyu, akwai filin ciniki. Ɗan kasuwan da ya yarda ya biya dubu 110 wata-wata ya ƙara dubu 120 a shekara, amma ya tsira da dubu 264. Mai shago kuma ya samu kusan abin da biyan dunƙule zai ba shi. A Dubai haka kasuwar take a fili: ana biyan haya da cek, kuma an saba mai biya da cek ɗaya ya samu ragi a kan mai raba shi huɗu ko fiye.

Tsakanin shekara da wata akwai biyan wata uku-uku. A nan kuɗin da ake riƙewa kafin lokaci ya sauko daga miliyan 6.6 zuwa miliyan 1.2 na wata ɗaya, asarar ɗan kasuwan ta koma dubu 48, mai shago kuma yana ganin alamar matsala da wuri. Idan aka haɗa da kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu da mai tsayawa, yawancin haɗarin ya rufu.

Neman shekara biyu kuwa ya fi nauyi nesa ba kusa ba, domin riƙon ba ninki biyu yake yi ba, ya haura ninki huɗu: miliyan 27.6 na wata ɗaya. Kuma yana iya juyowa kan mai wuri, tunda ya ɗaure kansa da farashin yau har wata 24, duk yadda kaya suka tashi a tsakani.

Babban abin da ake mantawa shi ne yadda biyan dunƙule ke komawa ya taɓa batun kulle. Masu iya biyan dubu 100 duk wata sun fi masu iya tara miliyan 1.2 a rana ɗaya yawa sosai. Sharaɗin shekara yana rage masu nema, ƙarancin masu nema kuma yana tsawaita jira. Idan sharaɗin ya ƙara wata ɗaya kacal a kulle, dubu 100 ya tafi daga cikin dubu 126 da ake ganin an samu. Idan ya ƙara wata biyu, an faɗi. A wurin da masu nema suka yi yawa har ana layi, wannan ba ya faruwa, shi ya sa sharaɗin ke da ƙarfi a can. A layin da shago ke wata biyar a kulle, dagewa a kansa asara ce.

## Masu goyon baya da masu adawa

Masu wuri suna da hujjoji da ba za a raina ba. Da yawansu da kuɗin dunƙulen suke ƙarasa gini ko yin babban gyara, domin ba su da hanyar samun bashi. Bin mutum kowane ƙarshen wata aiki ne, kuma yana ɓata zumunci. Wasu 'yan hayan ma sun fi son shekara: wanda kuɗinsa ke zuwa lokaci guda, kamar manomi bayan girbi ko ɗan kwangila, gara ya biya ya huta, kuma ya san ba mai yi masa ƙari sai wa'adi ya cika.

Masu adawa suna cewa albashi wata-wata ake biya, ciniki kuma kullum-kullum, saboda haka neman shekara yana tura mutane cin bashi mai tsada don su biya abin da ba su riga sun mora ba. Suna ƙara da cewa da zarar kuɗi ya shiga hannu, ɗan haya ya rasa abin da zai matsa da shi idan rufi ya yoyo ko aka ƙi gyara, kuma idan ya tashi kafin wa'adi, karɓo ragowar kuɗinsa kan zama wahala. Haɗarin rashin cika alkawari bai ɓace ba, ya tashi ne daga kan mai wuri ya koma kan ɗan haya.

Gwamnatoci sun gwada shiga tsakani. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida kafin lokaci, amma neman shekara ɗaya ko biyu ya ci gaba da zama ruwan dare a biranen ƙasar. A Jamus kuɗin ajiya na gidan kwana ba ya wuce hayar wata uku, ana kuma iya biyansa kashi uku, kuma dokar tana aiki. Bambancin ba a rubutun dokar yake ba. Inda mai wuri ke da hanyar bincika tarihin mai nema da kotun da ya amince za ta bi masa haƙƙinsa, ba ya buƙatar shekara. Inda babu waɗannan kuma wurare sun yi ƙaranci, mai nema da kansa ne zai miƙa kuɗin shekara a ɓoye don kada wani ya riga shi, ko kuma mai wuri ya mayar da haɗarin cikin farashin wata.

## Abin da ya rage ga mai shagon da mai nema

A misalin da aka bi, mai shagon yana da zaɓi uku da darajarsu ta yi kusa: miliyan 1.2 a dunƙule, ko wajen dubu 105 a wata ana biya wata uku-uku, ko dubu 110 wata-wata tare da ajiya da mai tsayawa. Faɗin ukun tare ya fi kafewa a kan ɗaya, domin yana buɗe ƙofa ga masu nema iri-iri. Idan yana son gwada sama da haka, ya sa wa gwajin wa'adi tun farko, misali mako uku, ya sauko idan ba a motsa ba. Tunda ɗan hayan da ke ciki ya ba da sanarwa, neman sabo tun kafin ya fita shi ne hanya mafi arha ta rage kulle.

Mai nema kuma, tambayar da ta fi yi masa amfani ita ce tun yaushe wurin yake a kulle, domin kowane wata da ya wuce yana ƙara masa ƙarfin ciniki. Idan zai biya shekara, yana da hujjar neman ragi na kashi 5 zuwa 10 a kan farashin wata-wata, kuma a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da ragowar kuɗin idan ya tashi kafin lokaci ko aka sayar da ginin, da wanda gyara ke kansa, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin ƙari. Mai shago ya auna hayar da ribar da ke saura bayan an cire kuɗin kaya, ba da yawan cinikin ba. Wanda ke cinikin miliyan 2 a wata da ribar kashi 10 yana da dubu 200 ne kacal, hayar dubu 110 ta cinye fiye da rabi tun kafin a biya wuta da yaron shago.